Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Yadda Ake Zana Bututun Masana'anta Kafin a Yanka Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ko ta Zinder da ta fara aiki a 2011, abin da zai fara cika masa ido shi ne bututu. Wani ya miƙe, wani ya karya kwana, wani ya hau, wani ya sauka, sun sarƙe da juna kamar taliyar da aka juye a faranti. Mai kallo daga nesa zai ɗauka masu walda ne suka yi ta jona ƙarfe yadda hali ya ba su. Ba haka abin yake ba. Kowane layin bututu a wurin yana da sunansa da lambarsa, kuma yana da takardarsa ta kansa wadda aka zana tun kafin a sayo ƙarfen. Wannan takarda ita injiniyoyi ke kira aisometirik, ko a taƙaice aiso.

Abin da ya sa takardar take da nauyi shi ne, mutumin da zai yanka bututun ya haɗa shi galibi bai taɓa ganin tankin ko famfon da za a jona ba. Yana can cikin rumfar walda, wani lokaci a wani gari, wani lokaci ma a wata ƙasa. Takardar nan ce idonsa. Idan ta ce ya yanka milimita 2,403, haka zai yanka, a ɗora a mota, a kai wurin aiki, kiren ya ɗaga. A nan ne za a gane ko mai zane ya yi gaskiya. Bari mu ɗauki layi ɗaya tak, mu bi shi daga allon kwamfuta har zuwa wannan takarda.

Zane mai nuna ɓangare uku a takarda ɗaya

Bututu yana tafiya ta fuska uku: gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, tsawo da faɗi kawai gare ta. Idan aka zana bututu kamar yadda tsuntsu ke hango shi daga sama, ba za a ga inda ya sauka ba. Idan aka zana shi daga gefe, ba za a ga inda ya karya zuwa arewa ba. Dabarar aisometirik ita ce a bar layin sama da ƙasa a tsaye yadda yake, sannan a karkatar da sauran fuskoki biyun, kowace da digiri 30 daga layin kwance, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Da haka sai ido ya ga tafiyar bututun gaba ɗaya a kallo guda. Wani malamin Jami'ar Cambridge a Ingila, William Farish, shi ne ya tsara ƙa'idar wannan salon zane a wani rubutu da ya fitar a 1822, tun ba a san matatar mai ba.

Aiso na bututu yana da al'adunsa. Komai kaurin bututu, da layi ɗaya ake nuna shi. Wurin walda ɗigo ne baƙi. Kullum akwai kibiya a kusurwar takarda mai nuna arewa, domin da ita mai karatu zai san inda ya dosa. Abin da ya fi ruɗa sabon shiga kuwa shi ne, ba a zana aiso bisa ma'auni. Bututu mai mita goma sha biyu da mai rabin mita suna iya fitowa kusan tsawo ɗaya a takarda, saboda ana matse dogon ne a buɗa wurin da kaya suka yi cunkoso. Don haka wanda ya ɗora rula a kan aiso yana aunawa ya riga ya ɓata. Lambobin da aka rubuta su ne magana.

A da, da fensir ake wannan aiki a kan takarda mai layuka a karkace. Yanzu ba a cika zana aiso kai tsaye ba. Ana gina masana'antar ne gaba ɗayanta a cikin kwamfuta, da tankunanta da famfunanta da ginshiƙanta, a bi da bututu a tsakaninsu, sannan manhaja ta fitar da aiso na kowane layi daga wannan gini. Manhajar PDMS, wadda ta fito daga Cambridge a shekarun 1970, tana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. A yau akwai E3D ta kamfanin AVEVA, da Smart 3D, da CADWorx, da AutoCAD Plant 3D. Da ta ƙarshen za mu yi misali, amma tunanin aikin ɗaya ne a dukansu.

Kayan haɗi ba sa ja, ba sa raguwa

Kafin a taɓa kwamfuta, akwai gaskiya ɗaya da dole mai zane ya haɗiye. Bututu miƙaƙƙe ana sayo shi ne dogo, mita shida ko goma sha biyu, a yanka shi yadda ake so. Amma kayan haɗi, wato gwiwar da ke karya kwana wadda 'yan sana'a ke kira elbo, da ti mai fitar da reshe, da ridusa mai rage girman bututu, da filanji mai ramukan kusoshi, duk waɗannan an riga an ƙera su a kan girma ƙayyadadde. Kundin ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai lamba ASME B16.9 ya tsayar da girman kayan da ake haɗawa da walda, B16.5 kuma ya tsayar da na filanji. Elbon inci shida da aka ƙera a Indiya da wanda aka ƙera a Italiya, muddin wannan ƙa'ida suka bi, tsawonsu ɗaya.

Ɗauki elbo mai faɗin kwana, wanda shi aka fi amfani da shi. Daga tsakiyar kwanar zuwa bakinsa, tsawonsa girman bututun ne sau ɗaya da rabi. Na inci shida zai zama inci tara ke nan, wato milimita 229. Duk inda bututun inci shida ya karya kwana, elbo ya cinye milimita 229 daga wannan ɓangare, ya cinye 229 daga wancan. Abin da ya rage shi ne rabon bututu miƙaƙƙe. Kamar magini ne da ƙofa da tagar da aka sayo a shirye: su ake fara ware wa wuri, bulo ya cike saura.

Shi kansa sunan "inci shida" suna ne kawai. Idan aka auna faɗin bututun ta waje, milimita 168.3 za a samu, wanda ya ɗara inci shida. Kaurin bangonsa kuma ya danganta da ajin da aka zaɓa. A aji na 40, wanda aka saba da shi, milimita 7.11 ne.

Manhaja tana ɗauke da duk waɗannan lambobi a cikin rumbunta. Sai dai ba kowane kaya ake barin mai zane ya ɗauko ba. Kowane aiki yana da jerin kayan da aka amince da su ga kowane irin ruwa, gwargwadon zafinsa da ƙarfin matsinsa da yadda yake cin ƙarfe. Wannan jeri shi ake kira sifek. A cikin Plant 3D akwai wani da ke zuwa tare da manhajar mai suna CS150, wato baƙin ƙarfe da filanji ajin 150. Da zarar ka zaɓe shi, duk abin da za ka sa a layin daga cikinsa zai fito. Shi ya sa filanjin aji 300 ba zai faɗo maka a layin aji 150 da kuskure ba, wanda da ya faru, ramukan kusoshinsu ma ba za su hau juna ba.

Daga tanki zuwa famfo

Ga layinmu. Akwai tankin ruwan sanyaya injuna, da famfon da zai riƙa zuƙo ruwan. Bakin tankin, wanda ake kira nozul, inci shida ne, yana kallon gabas, tsakiyarsa tana milimita 1,500 daga ƙasa. Bakin famfon inci huɗu ne, yana kallon yamma, tsakiyarsa tana milimita 600 daga ƙasa. Famfon ba ya saitin tankin. Yana gabas da bakin tankin da mita huɗu da rabi, yana kuma arewa da shi da mita huɗu.

Mai zane ba ya fara aiki da ka. A gabansa akwai taswirar tsarin aiki da ake rubuta wa P&ID, wadda injiniyan sarrafa ruwa ya zana. Ita ce ke faɗin cewa wannan layi inci shida ne, akwai bawul a bakin tanki, kuma za a rage shi zuwa inci huɗu dab da famfo. Ba ta faɗin ta ina bututun zai bi, ko tsawonsa nawa. Wannan aikin mai zane ne. Ita ce kuma ke ba layin suna, irin wannan:

```
6"-CW-1001-CS150
```

Wato girman bututu, irin ruwan da ke ciki, lambar layi, da sifek ɗinsa. Wannan suna zai bi layin har zuwa fentin da za a rubuta a jikin ƙarfen.

A kan allo, mai zane zai zaɓi lambar layi da girma da sifek, sannan ya danna Route Pipe, ko ya rubuta umarnin:

```
PLANTPIPEADD
```

Sai ya kama bakin tankin. Kamun nan yana da muhimmanci: dole ya kama ainihin mahaɗar nozul ɗin, ba wani wuri kusa da ita ba. Idan ya kama daidai, manhaja ta san nozul mai filanji ne, sai ta kawo filanjin da zai dace da shi, da gasket, wato zoben da ke hana yoyo, da kusoshi, ba tare da an roƙe ta ba. Wani da'ira mai kama da kamfas zai bayyana a bakin bututun yana nuna fuskokin da za a iya bi. Mai zane ya ja gabas ya rubuta 3000, ya juya arewa ya rubuta 4000, ya juya kamfas ɗin ya sauka ƙasa, sannan ya sake yin gabas zuwa famfo. A kowace kwana elbo zai faɗo da kansa. Daga baya ya ɗauko bawul ya ajiye a bakin tankin, manhaja ta matsar da filanjin ta ƙara gasket na biyu da wasu kusoshin.

Cikin 'yan mintuna layi ya tsaya a allo, gwanin sha'awa. Amma mu duba abin da ke ƙarƙashin lambobin. Ƙafa ta farko milimita 3,000 ce daga fuskar nozul zuwa tsakiyar kwana. A cikinta bawul mai ƙofa na inci shida ya ci 267, gasket biyu sun ci 6, filanji mai wuya ya ci 89, elbo ya ci 229. Abin da ya rage wa bututu 2,409 ne. Bai ƙare ba. Mai walda ba ya manna baki da baki; yana barin 'yar tazara ta kamar milimita 3 domin wutar walda ta ratsa har ciki. Bututun yana da baki biyu, sai a cire 6. Abin yanka ya zama 2,403. Ƙafa ta biyu ta fi sauƙi: 4,000 a cire elbo biyu, 458, a cire tazarar walda, saura 3,536.

Wannan tazara ta walda tana da wurin da ake saita ta a cikin manhaja, kuma kamfanoni sun bambanta: wasu suna sa manhaja ta cire, wasu suna bar wa rumfar walda. Matsala tana zuwa ne idan ba a yi magana ba, mai zane ya cire, mai yanka ma ya sake cirewa. A layi mai walda tara irin namu, 'yan milimitocin nan suna taruwa.

Milimita ashirin da bakwai

Ƙafa ta uku ita ce mai tarko. Bakin tanki yana 1,500, bakin famfo yana 600. Kowa zai ce saukar 900 ce. Wanda ya rubuta 900 ya yi kuskure, kuma dalilin yana wajen ridusa.

Ridusa iri biyu ce. Akwai mai kama da mazurari, wadda ƙaramin bakinta yake tsakiyar babban. Akwai kuma mai gefe ɗaya a miƙe, ɗayan a karkace. A bakin da famfo ke zuƙar ruwa, idan bututun a kwance yake, ta biyun ake sawa, a juya miƙaƙƙen gefen ya kalli sama. Dalili kuwa iska ce. Ruwa yana tafe da 'yan kumfa, su kuma kumfa sama suke bi. Idan aka sa mai kama da mazurari, rufin bututun zai gangaro kafin famfo, a samu lungu a sama inda iska za ta taru. Ranar da ta taru da yawa sai ta kuɓuce ta faɗa cikin famfon gaba ɗaya. Famfon ya fara ƙara da karkarwa, ruwan da yake turawa ya ragu, wani lokaci ya daina ja ma sam. Idan rufin a miƙe yake, kumfa suna wucewa kaɗan-kaɗan ba tare da sun taru ba.

To, idan rufin babban bututu da na ƙarami suna saiti ɗaya, tsakiyarsu ba za ta zama ɗaya ba. Faɗin babban 168.3 ne, na ƙaramin 114.3. Bambancin 54 ne, rabinsa 27. Ke nan tsakiyar bututun inci shida dole ta kasance ƙasa da tsakiyar bakin famfo da milimita 27, wato a 573. Saukar ta zama 927. A cire elbo biyu da tazarar walda, ɗan guntun da za a yanka 463 ne.

Yaya kuskuren yake shiga alhali kwamfuta ce ke lissafi? Galibi ta hanya ɗaya. Mai zane ya fara jan layin, manhaja ta sa masa ridusa mai kama da mazurari domin ita ce gaba a jerin sifek, komai ya haɗu a kan 900. Daga baya mai duba aiki ya ce a canza ta. Ya canza, amma bai ja ƙafar tsaye ta bi ba. Yanzu akwai giɓin milimita 27 tsakanin filanji da bakin famfo, wanda a allon da ke nuna masana'anta guda ko gashin ido bai kai ba. Manhaja takan nuna wata 'yar alama mai kama da ɗigon ruwa a duk bakin da bai haɗu ba, sai dai wanda ke sauri ba ya ganinta. Wata hanyar kuma, a sa ridusar da ta dace amma a bar miƙaƙƙen gefenta yana kallon ƙasa. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wajenta komai ya haɗu. Shi ya sa ƙwararru suka fi son fara jan layi daga bakin famfo su koma baya, saboda can ne wurin da ba ya karɓar uzuri.

Idan kuskuren ya tsallake har wurin aiki, za a ga filanji biyu sun ƙi kallon juna. Jarabar da ke zuwa wa ma'aikata a lokacin ita ce su sa sarƙa su ja bututun da ƙarfi har kusoshi su shiga. Zai shiga kuwa. Amma ƙarfin nan bai tafi ko'ina ba, yana nan yana murɗa jikin famfon dare da rana. Sandar famfon da ta motarsa su goce daga saiti, boris ya yi ta ci, abin toshe yoyo ya yi ta lalacewa, a yi ta zargin kamfanin da ya ƙera famfon.

Ƙafa ta huɗu tana da tata ƙa'idar. Ruwan da ya fito daga kwana a hargitse yake, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gudu. Ana so ya natsu kafin ya shiga famfo, don haka akan bar miƙaƙƙen bututu da ya kai aƙalla faɗin bututun sau biyar tsakanin elbo da ridusa, ko fiye idan mai ƙera famfon ya buƙata. A layinmu, daga 1,500 an cire elbo 229, ridusa 140, filanjin inci huɗu 76 da gasket 3, saura 1,052 kafin a cire tazarar walda. Ya wuce sau biyar ɗin, babu damuwa.

Inda kaya suka ƙi shiga

A ce saukar ba 927 ba ce, 400 ce kawai. Elbo biyu masu faɗin kwana, ko an manna su baki da baki ba bututu a tsakani, suna buƙatar 458. Babu yadda za a yi su shiga cikin 400. A nan manhaja za ta ƙi, ko ta kawo wata hanya mai zagaye da ba wanda zai so ginawa. Mai zane yana da mafita. Akwai elbo mai matsattsiyar kwana, wanda na inci shida yake cin 152 kawai, biyu su zama 304. Amma yana wahalar da ruwa fiye da ɗan'uwansa, kuma sifek da yawa ba su yarda da shi ba sai da izini, balle a layin da famfo ke zuƙa. Akwai kuma elbo biyu na digiri 45, bututun ya gangara a karkace maimakon ya faɗa a tsaye. Wani lokaci kuma mafi sauƙi shi ne a je wurin injiniyan gini a roƙe shi ya rage ko ya ƙara tsayin dakalin famfon, tun yana takarda.

Abin da bai kamata ba shi ne a ƙirƙiro kayan da babu shi a kasuwa. Manhaja tana barin mutum ya sa kayan riƙon ƙwarya idan abin da yake nema ba ya cikin sifek, don aiki ya ci gaba. Idan aka manta ba a maye gurbinsa ba, zai fito a takarda ba cikakken bayani, mai sayayya ya rasa abin da zai saya.

Akwai kuma abubuwan da manhaja ba ta damu da su ba sam. Ba ta san ma'aikaci yana buƙatar wurin tsayawa ya murɗa sitiyarin bawul ba. Ba ta san wata rana za a ciro famfon a kai gyara, kuma bututun bai kamata ya tare hanya ba. Ba za ta hana ka ɗaga layin zuƙa ya hau sama ya sake saukowa don ya tsallake hanya ba, alhali ƙololuwar nan wani rumbun iska ne. Nauyi ma sai an tuna da shi. Mita ɗaya na bututunmu ya kai kilo 28, ruwan cikinsa kuma ya haura kilo 18. Layin yana da kusan mita bakwai da rabi na miƙaƙƙen bututu, ban da bawul da elbo. Idan ba a sa masa matokarai ba, bakin tanki da bakin famfo ne za su ɗauki kayan. Da a ce layin tururi ne, da wata magana ta taso, domin baƙin ƙarfe mai mita talatin idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗari yana ƙara tsawo da kusan milimita 36, kuma sai an ba shi kwanar da zai miƙe a ciki. Karo da ginshiƙi ko da hanyar wayoyin lantarki kuwa, ana haɗa ginin kowane sashe a wata manhaja irin Navisworks ta lalubo inda abu biyu suka shiga jikin juna.

Takardar da ke fita

Bayan an gamsu, sai a fitar da aiso. A Plant 3D akwai Quick Iso na dubawa, da Production Iso na wanda za a aika. Manhajar za ta bi layin daga baki zuwa baki, ta zana shi a karkacen nan na digiri 30, ta rubuta awo, ta ba kowane kaya lamba, ta jera su a tebur a gefen takarda. Na layinmu zai nuna bututu kusan mita bakwai da rabi, elbo uku, ridusa ɗaya, filanji biyu, bawul ɗaya, gasket uku, da kusoshi ashirin da huɗu, takwas a kowace mahaɗa. Walda tara za su fito, kowace da lambarta, domin a rubuta wanda ya yi ta da sakamakon gwajinta.

Fitar da aiso ita kanta jarrabawa ce ga ginin da ke allo. Idan layi ɗaya ya fito a takarda biyu ba dalili, ko ya tsaya a tsakiya, akwai inda bai haɗu ba. Idan elbo uku ka ƙirga a ido tebur ya ce huɗu, wani yana kwance a kan wani. Mai duba aiki yakan ɗauki aiso da taswirar tsarin aiki, da alƙalami mai launi, ya bi su kaya bayan kaya yana shafawa, sannan ya tara awon kowace ƙafa ya ga ko ya kai shi daidai inda famfon yake. Idan an sami gyara, a cikin ginin ake yinsa a sake fitar da takarda. Wanda ya gyara lamba a kan takarda kawai ya bar ginin yadda yake, ranar da wani ya sake fitar da aiso tsohon kuskuren zai dawo.

Saura yanke shawara ɗaya: a ina za a raba layin? Ba a haɗa shi duka a rumfa, domin sai ya shiga mota, kiren ya iya juya shi, ya kuma ratsa tsakanin abubuwan da aka riga aka gina. Ana raba shi gunduwa-gunduwa, kowace ana ce mata sifol, a haɗa su a wurin aiki. A nan ne mai zane yake amsa cewa duniya ba allo ba ce. A kwamfuta famfo yana mita huɗu cif arewa da tanki. A fili kuwa mai zuba kankare ya goce da milimita goma sha biyar, tankin ma ya ɗan zauna bayan an cika shi. Saboda haka akan zaɓi wasu walda a rubuta musu FFW, ma'ana za a auna a wurin aiki kafin a yanka, a kuma bar wa bututun rarar milimita 100 zuwa 150. A layinmu ɗaya za ta zauna a ƙarshen ƙafar arewa, wata a ƙafar tsaye, filanjin bakin famfo kuma a ɗan ɗosa shi kawai, kada a gama waldarsa sai an ga ya zauna daidai da famfon.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, domin tukunya idan ta bushe ba ta karɓar ado. A wannan sana'a zanen ma yana riga ginin. Gyaran milimita 27 a allo jan layi ɗaya ne da sake fitar da takarda. Gyaransa a fili kuwa sai an sauke sifol, a yanka, a sake fere baki, a yi walda, a sake gwaji, kiren na tsaye ana biyan kuɗinsa. Rarar milimita ɗari da hamsin ɗin nan ta kuskuren mai kankare ce da zaman tanki. Ba a bar ta don mai zane ya manta da ridusa ba.